"Laraba Za a Rufe": Yadda Ake Tallar Horon Kuɗi Daga Sanarwar Farko Zuwa Daren Ƙarshe

Koyar da sana'a ya zama sana'a mai zaman kanta. A Kano, Kaduna, Zariya da sauran garuruwanmu, da wuya mako ya wuce ba ka ga sanarwa a wayarka ba: horon haɗa turaren wuta, horon yin kek da cincin, horon gyaran waya, horon kiwon kaji. Wanda ya iya abu yakan kama ɗakin taro na kwana biyu, ya sa kuɗin shiga, ya sa ranar rufe rijista, sannan ya shiga neman ɗalibai. A nan ne da yawa daga cikin masu koyarwar suke tuntuɓe. Sun iya aikin hannunsu sarai, amma ba su san abin da za su rubuta a ƙarƙashin hoton tallar ba, ba su san sau nawa za su tuna wa mutane ba, kuma idan ranar ƙarshe ta zo kujeru ba su cika ba, sai su fara faɗin abin da ba haka yake ba.

Abin da nake so in nuna shi ne, duk tallar irin wannan horo a kan abu guda take tsayawa: ranar rufewa ta gaskiya, wadda take da dalili. Idan ranar ta gaskiya ce, rubutun talla da saƙonnin tuni duk za su zo da sauƙi. Idan ta ƙarya ce, babu iya tsara magana da zai daɗe yana rufe ta.

Bari mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. Alƙaluman da zan kawo na misali ne kawai, kowa ya sa nasa gwargwadon garinsu da farashin ranar.

Wata mata ce a Kano da ta ƙware a yin kek da kayan ƙwalama na biki. Za ta yi horon kwana biyu, Asabar 7 da Lahadi 8 ga wata. Tandunta biyu ne, teburan aiki biyar, kowane tebur mutum huɗu. Ke nan mutum 20 za ta iya ɗauka idan ana so kowa ya sa hannu a ƙullu, ba ya tsaya kallo daga baya ba. Kuɗin ɗakin taro na kwana biyu naira 100,000, gas da man janareta 40,000, mai taimaka mata 30,000, buga takardu da talla 30,000. Wannan naira 200,000 ce da za ta kashe ko mutum uku ne suka zo. Ban da haka, kowace ɗaliba za ta ci mata kayan aiki da abincin rana na naira 9,000. Idan ta sa kuɗin shiga 25,000, abin da ke saura mata a kan kowane mutum 16,000 ne. Sai ta samu mutum 13 kafin ta mayar da kuɗinta, kuma idan kujeru 20 suka cika, ribarta 120,000.

Daga wannan lissafi ranar rufewa take fitowa. Ranar Alhamis za ta shiga Kasuwar Singa ta sayo fulawa, sukari da bota daidai yawan waɗanda suka biya. Ranar Juma'a za ta auna, ta raba, ta ɗaure wa kowa nasa. Saboda haka dole ta san adadin mutanenta a daren Laraba, 4 ga wata. Ba ta ƙirƙiri ranar don ta tsorata kowa ba, aikin ne ya ba ta ita. Kuma ta yi dabara da ta sa horon a makon farko na wata, lokacin da albashi ya riga ya shiga hannun ma'aikata da mazajen da za su biya wa matansu.

Wani zai ce, me zai hana a bar ƙofa a buɗe kowa ya biya sanda ya samu? Amsar tana cikin halin ɗan Adam. Wasu masu bincike biyu a Amurka, Suzanne Shu da Ayelet Gneezy, sun wallafa wani gwaji a shekarar 2010. Sun raba wa mutane takardar kyauta ta zuwa wani shagon kek su ci ba tare da sun biya ba. Wasu takardunsu na mako uku ne, wasu na wata biyu. Cikin masu mako uku, kashi 31 cikin ɗari sun je sun karɓa. Cikin masu wata biyu, kashi 6 ne kacal. Abin kyauta ke nan, mai daɗi kuma. To ina ga abin da mutum zai ciro 25,000 daga aljihunsa? Wanda aka ba dogon lokaci yakan ce "sai gobe" har abin ya fita daga ransa. Shi ya sa mako biyu ya wadatar wa ƙaramin horo irin wannan. Sanarwar wata biyu ba ta ƙara ɗalibai, gajiyar da mai talla da masu kallo kawai take yi.

Sai rubutun da ke ƙarƙashin hoto. Yawancin waɗanda nake gani da doguwar gaisuwa suke farawa, sai "albishirinku", sai "gagarumar dama ta samu", sai tarin alamomin wuta da tafi. Kafin a kai ga abin da ake sayarwa, mai karatu ya wuce. Instagram yana ba da damar rubuta haruffa har 2,200, amma abin da mai wucewa yake gani kafin ya taɓa "more" bai fi layi ɗaya ko biyu ba. Facebook ma yana yanke dogon rubutu. Wannan layin farko shi ne bakin shagonki, abin da kika fi so a gani shi za ki ajiye a wurin. Sallama ba ta ɓata komai, al'adarmu ce, amma a gajarce ta, a bi ta nan take da abin da mutum zai tafi gida da shi. Ga yadda malamar tamu za ta iya rubutawa:

"Salamu alaikum. A kwana biyu za ki gasa kek iri uku da hannunki, ki koyi yadda ake lissafin farashinsa don kada ki sayar a faɗuwa. Asabar 7 da Lahadi 8 ga wata, ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, a unguwar Tarauni. Mata zalla. Kuɗin shiga naira 25,000, har da kayan aiki da abincin rana. Mutum 20 kawai zan ɗauka, domin tanduna biyu ne. Za a rufe rijista ranar Laraba 4 ga wata, ƙarfe 9 na dare. Taɓa nan ki yi min magana."

Babu kalmar yabo ko ɗaya a ciki, amma ya amsa duk abin da mai niyya za ta tambaya. "Mata zalla" kalma biyu ce, amma ita ce za ta sa maigida ko uba ya amince. Lokacin tashi ma haka: ƙarfe huɗu na nufin za ta koma gida kafin magariba. Ranar rufewa ta zo da sunan rana, kwanan wata da awa. Wannan yana da muhimmanci, domin saƙon da ya ce "gobe za a rufe" idan aka tura shi daga waya zuwa waya, bayan kwana uku ma "gobe" zai ci gaba da cewa.

Akwai masu ɓoye farashi, su ce "a yi magana ta ciki". Ban goyi bayan wannan ba a horo mai ƙaramin kuɗi. Mai ɓoye farashi takan wayi gari da saƙo hamsin masu cewa "nawa ne?", ta ɓata yini tana amsawa, yawancinsu su ɓace da jin kuɗin. Sannan akwai masu kunyar tambaya, waɗanda da sun ga farashin da sun biya, amma suna tsoron su tambaya su kasa. Faɗin farashi a fili yana tace mutane tun daga bakin ƙofa, kuma yana nuna ba a kallon fuska kafin a yanka wa mutum kuɗi.

Hanyar amsawa kuma ta zama guda ɗaya. Idan aka ce a kira wannan lamba, ko a cike wancan fom, ko a shiga wancan guruf, mutum sai ya rasa ta inda zai fara. WhatsApp yana da hanyar da za a taɓa a faɗa kai tsaye cikin hira da mai lambar, har da rubutun farko a shirye:

```
https://wa.me/234XXXXXXXXXX?text=Ina%20son%20rijista
```

Ana sa lambar ƙasa, 234 a Najeriya ko 227 a Nijar, ba tare da alamar tarawa ba, kuma a cire sifilin farkon lambar. A tuna cewa idan aka sa irin wannan a rubutun ƙasan hoto a Instagram ba ya taɓuwa, sai dai a ajiye shi a bayanin shafi a ce wa mutane su duba can.

Bayan sanarwar farko sai tsakiyar tafiya, kuma nan ne zuciyar mai shiri take karaya. Abin da aka saba gani shi ne, a kwana biyun farko mutanenta na kusa za su biya, a misalinmu a ce mutum huɗu. Daga nan sai shiru. Mako guda zai wuce da mutum biyu ko uku. Wannan shirun ba alamar faɗuwa ba ne, masu niyya suna nan suna jiran albashi, ko izini, ko kuma ranar ƙarshe. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a riƙa maimaita hoto ɗaya da rubutu ɗaya kullum. Wanda ya gani sau uku, a na huɗu idonsa ba ya ma tsayawa a kai.

Kowane tuni ya zo da sabon abu, kuma sabon abin ba sai an ƙirƙira ba, yana cikin tambayoyin da ake turo mata. Wata ta ce, "Hajiya, ni fa ba ni da tanda a gida." To tunin gobe shi ne gajeren bidiyon kek da aka gasa a tukunya a kan risho, da layi ɗaya: wannan ma yana cikin darasin ranar Lahadi. Wata ta ce, "Anti, ban taɓa yi ba, zan iya kuwa?" Tunin jibi shi ne bayanin abin da za a yi a awa biyun farko, daga awon fulawa. Idan tsohuwar ɗaliba ta turo hoton kek ɗin da ta yi wa masu suna, a nemi izininta a nuna. A ƙarshen kowane ɗaya a maimaita layi guda da ba ya canzawa: rufewa Laraba 4 ga wata, ƙarfe 9 na dare. Idan mutum uku suka yi tambaya iri ɗaya, to rubutun farko ne bai amsa ta ba, a koma a gyara shi.

Yana da kyau a san halin kowace kafa. Abin da aka sa a Status na WhatsApp bayan awa 24 yake gushewa, kuma waɗanda kuka ajiye lambobin juna ne kawai suke gani. Saboda haka sawa kullum a nan ba takura ba ce, wanda ya so ne yake buɗewa. Jerin Broadcast kuwa mutum 256 yake ɗauka, kuma saƙon ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarki ba. Mutane da yawa sun tura saƙo ga ɗaruruwa suna jiran amsa, alhali rabinsu bai je musu ba. Shi ya sa duk wadda ta yi tambaya, abu na farko a roƙe ta ta ajiye lambar. Tunda saƙon Broadcast har cikin akwatin mutum yake shiga, sau uku ya isa a duk tsawon tafiyar: ranar sanarwa, saura kwana uku, da ranar ƙarshe. Jefa mutane cikin guruf ba da saninsu ba kuwa rashin ladabi ne, kuma idan da yawa suka kai ƙarar lamba, WhatsApp na iya rufe ta ana tsakiyar karɓar rijista. Mai tura gajeren saƙon waya kuma ya sani cewa saƙo ɗaya haruffa 160 ne, amma da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ, sai ya koma 70, kuɗin ya ninka.

To, ga Laraba ta zo. A misalinmu mutum 11 suka biya, saura kujera tara, kuma saura mutum biyu ta fita daga asara. Wannan rana ba ta zuwa biki ko unguwa ba ce. Ranar aiki ce daga safe har dare, waya da caji, da kati, da wanda zai riƙe mata yara.

Da safe, wajen ƙarfe bakwai, sanarwa a fili: "Yau Laraba ce ranar ƙarshe. Ƙarfe 9 na dare zan rufe, domin gobe da sassafe zan shiga kasuwa sayen kayan waɗanda suka biya. Saura kujera 9." A lura da dalilin da ta kawo. Mutum ya fi yarda da wa'adin da aka gaya masa sababinsa. Bayan azahar ta sake fitowa da adadin da ya rage, na gaskiya. Bayan la'asar ta amsa tambayar da aka fi yi a ranar. Bayan isha'i, saƙo mafi gajarta: saura awa ɗaya, saura kujera kaza, ga hanyar biya. A wannan rana ba a kawo sabon bayani mai tsawo. Wadda ta kai yau tana bibiya ta riga ta gamsu da horon, abin da ya rage mata shi ne ta tashi ta biya.

Amma a ganina aikin da ya fi kawo ɗalibai a ranar ba wanda ake yi a fili ba ne. Shi ne komawa ga waɗanda suka yi tambaya a makonni biyun nan ba su biya ba, ɗaya bayan ɗaya. Mai amfani da WhatsApp Business za ta iya sa musu alama tun farko don kada su ɓace mata, wadda ba ta da shi ta rubuta a littafi. Saƙon ya zama nata ne ita kaɗai: "Maman Yara, barka da rana. Kin tambaye ni ko za ki iya zuwa da jaririnki, na ce babu damuwa. Yau da tara na dare zan rufe, na ce bari in tuna miki. Idan bai yiwu ba a wannan karon, babu komai wallahi." Jimlar ƙarshen nan ba ado ba ce. Wata ba ta da kuɗin ne, kuma ba daidai ba ne a sa ta ji kunya. Saƙo ɗaya ya isa. Idan ba ta amsa ba, a ƙyale ta.

Biyan kuɗi a daren ƙarshe yana da nasa matsalolin. Na'urar banki kan tsaya, kuɗi ya fita daga asusun mai biya bai shiga na mai karɓa ba sai bayan awanni. Saboda haka a tanadi asusu biyu a bankuna daban, kuma a faɗi ƙa'ida tun da rana: duk wadda ta tura kafin tara, ta turo shaida, kujerarta tana nan har kuɗin ya sauka. Amma kada a rubuta sunan kowa a jerin waɗanda suka biya saboda hoton rasit ko saƙon alat kawai. Ana ƙirƙirar duka biyun. A buɗe manhajar banki a ga kuɗin da ido. Sunan asusun kuma ya dace da sunan da ke kan talla, domin mai turawa idan ta ga baƙon suna, hannunta zai tsaya, kuma tana da gaskiya.

Yanzu ga wurin da nake so masu wannan sana'a su saurare ni da kyau. Jarabar da ke zuwa a daren nan ita ce a rubuta "saura kujera biyu" alhali tara suka rage, ko kuma da safiyar Alhamis a fito a ce "saboda yawan roƙon jama'a an ƙara kwana uku", alhali babu wanda ya roƙa. Wannan ƙarya ce, ko da an kira ta dabarar kasuwa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta 2018, wadda hukumar FCCPC take kula da ita, ta hana yaudarar mai saye da bayanin da ba gaskiya ba. Ko ba a je ga doka ba, asirin ba ya rufuwa. Wadda ta ranto kuɗi ta biya a guje don an ce saura biyu, ranar Asabar za ta shigo ta ga rabin ɗakin babu kowa, ta ƙirga da idonta. Kuma masu kallon sitatus ɗinki su ne dai za su kalla a horo na gaba. Idan sun ga kin ƙara wa'adi sau ɗaya, sau biyu, sun koyi cewa "za a rufe" a bakinki ba rufewa ba ce, kuma daga ranar babu wanda zai yi gaggawa.

Idan tara ta buga mutum 17 suka biya, sai ta rufe a 17. Ribarta 72,000, ɗalibanta kuma sun samu sarari. Idan 12 ne, ta rage wani abu a kashe-kashenta ko ta ɗauki asarar 8,000 ta yi horon da kyau, domin hotuna da shaidar waɗannan sha biyun su ne tallar karo na gaba. Idan kuwa bakwai ne, gaskiya ita ce ta kira su ɗaya-ɗaya ta ba su zaɓi: a koma ƙaramin wuri, ko a ɗaga, ko a mayar wa mai so kuɗinta cif. Ƙarin wa'adi yana halatta idan dalilin na gaske ne kuma kowa ya shaida, kamar a ce bankuna sun tsaya cak a daren. A nan ma sau ɗaya, na 'yan awanni, tare da faɗin dalilin.

Daga baya ta zauna ta duba inda abin ya tsaya. Idan masu kallo da yawa amma babu mai tambaya, layin farko ne bai faɗi abin da za a samu ba, ko kuma masu kallon ba su ne masu buƙata ba. Idan tambaya ta yi yawa amma biya ya yi kaɗan, matsalar tana wajen farashi, ko ranar, ko yarda, kuma waɗanda ba su biya ba za su faɗa mata wanne ne idan ta tambaye su cikin mutunci. Idan an ce "turo lambar asusu" sannan aka yi shiru, sau da yawa jinkirin amsarta ne ya bar niyyar ta huce.

Ƙarfe tara da minti biyar, sanarwa ta ƙarshe ta fita: "An rufe rijista. Na gode. Wadda ba ta samu ba ta turo sunanta, ita zan fara sanarwa idan an sa ranar na gaba." Za a samu masu roƙo da safe, "Hajiya, don Allah ki taimaka, mantuwa na yi." Amsarta ita ce ta riga ta tafi kasuwa da lissafinta, ta sa sunansu a jerin jira. Waɗanda suka biya kuma kada a bar su cikin shiru, domin a kwana biyun nan ne zuciya take fara raya wa mutum ko an damfare shi. A daren ta tura wa kowacce tabbacin kujerarta. Ranar Juma'a da yamma ta tura kwatancen wurin dalla-dalla, da lokacin farawa, da abin da za a zo da shi: atamfar ɗaurawa, littafi da biro, da robar da za a zuba kek ɗin da aka gasa a tafi da shi gida.